Me ya sa tukwane shida, ba uku ba? Yadda ake kare kasafin neman tallafi

Takardar neman tallafi tana tafiya da kasafi kashi biyu. Na farko jadawali ne na lambobi: abu kaza, guda kaza, naira kaza. Na biyu rubutu ne da ke bin jadawalin layi-layi yana faɗin dalilin kowane kuɗi, shi ake kira bayanin kasafi. Ƙananan ƙungiyoyi na karkara sukan ƙarar da ƙarfinsu a kan labarin aikin da jadawalin, sai a daren rufe karɓar takardu a zauna a rubuta bayanin, kuma abin da ake yi bai wuce maimaita jadawalin da kalmomi ba. Jadawali ya ce sufuri naira 342,000, bayani ya ce "wannan kuɗin sufuri ne domin gudanar da aikin". Mai karatu bai ƙaru da komai ba.

Wanda zai karanta takardar yana zaune a ofis a Abuja, ko ma a wata ƙasa, da tarin takardu a gabansa. Bai taɓa taka Auyo ta jihar Jigawa ba, bai san hanyar da ake bi da rani tana zama tafki a watan Agusta ba. Duk layin da bai gane dalilinsa ba, ko ya rage shi, ko ya soke shi, ko ya rage wa takardar maki. Akwai kuma mai karatu na biyu da ake mantawa da shi, wato mai binciken kuɗi da zai zo bayan an kashe kuɗin, ya buɗe wannan bayanin ya ce a kawo masa shaidar abin da aka rubuta. Saboda waɗannan mutum biyu, kowane layi sai ya amsa tambaya uku: wane aiki yake yi wa hidima, ta yaya aka kai ga wannan adadi, kuma me zai lalace idan an cire shi. Dokar tallafin gwamnatin Amurka ta tsara abin da ya yi kama da haka, cewa kuɗin ya zama wanda doka ta halatta, wanda na wannan aikin ne ba na wani ba, kuma wanda mai hankali zai iya biya a irin wannan hali. Sauran masu ba da tallafi ma, ko ba su faɗa da wannan lafazin ba, da shi suke awo.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Farashin da zan sa na misali ne don lissafi ya fito, ranar da za ka rubuta naka sai ka shiga kasuwa. Wata ƙungiya a yankin Auyo, inda ake noman shinkafa damina da rani a kwarin Haɗejiya, tana neman tallafin shekara ɗaya don mata 60 masu turara shinkafa, ashirin-ashirin a ƙauyuka uku. Za a sauya musu tsohuwar ganga da tukunya mai rariya a ciki, wadda ke raba shanshera da ruwa, tururi kaɗai ya dafa ta, ba ta kwanta a ƙasa ta ƙone ko ta caɓe ba. Mai ba da tallafin ya ce kada a wuce naira miliyan biyar.

Layin farko tukwane ne: guda 6, kowace naira 185,000, jimla 1,110,000. Tambayar da za ta fara zuwa wa mai karatu ita ce me ya sa shida. Amsar ba a ofis take ba, tana wurin matan. Ana wanke shanshera, a jiƙa ta cikin ruwan zafi ta kwana, washegari a turara, a shanya. Idan tukunya ɗaya tana ɗaukar zubi biyu a yini, kuma ana aiki kwana biyar a mako saboda Juma'a da ranar kasuwa, to zubi goma ke nan a mako. Mata goma ke nan za su iya raba tukunya ɗaya, kowace ta samu layi sau ɗaya a mako. Ga yadda sakin layin zai fito:

"Tukwanen turare 6 × N185,000 = N1,110,000, na aiki na 2 a jadawalin ayyuka. Tukunya ɗaya tana yin zubi 10 a mako, don haka an kasa mata 60 rukuni shida, kowane rukuni da tukunya ɗaya, biyu a kowane ƙauye. Idan tukwanen suka gaza shida, a ƙauyen da ya rage da tukunya ɗaya mace za ta jira mako biyu kafin layi ya zo kanta, kuma mai sana'ar da take ci daga cinikin mako ba za ta jira ba, ganga za ta koma. An karɓi farashi a rubuce daga masu walda uku, an ɗauki na tsakiya saboda mafi arha ƙarfensa bai kai kaurin da ake bukata ba."

Jimla huɗu ce, amma ta rufe ƙofa huɗu. Ta ɗaure tukunyar da wani aiki mai lamba, ta nuna inda shida ta fito, ta faɗi abin da ragewa zai jawo, ta kuma bayyana dalilin ƙin ɗaukar mafi arha tun kafin a tambaya. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin mai bincike da ya ga takardun farashi uku kuma ba a ɗauki na ƙasa ba, zuciyarsa wajen ɗan uwan shugaban ƙungiya take tafiya. Takardun farashin kuma su zo da kwanan wata da sa hannu da lambar wayar mai shagon. Uku da aka rubuta da biro ɗaya da rubutun hannu ɗaya sun fi rashinsu muni.

Kaya ba sa tafiya su kaɗai. Tamfol 12 na shanya, biyu ga kowane rukuni, a kan 35,000, ya kama 420,000, kuma dalilinsa gajere ne: shinkafar da aka shanya a gefen titi ko a ƙasa tana kwasar tsakuwa, ta zubar da darajar da turaren ya ƙara mata. Sai hayar akori-kura da zai ɗauko tukwanen ya rarraba ƙauyuka uku, 90,000. Wannan layin ne aka fi mantawa, sai kaya su kammalu a wurin mai walda a rasa kuɗin ɗaukowa, a je a yago daga kuɗin bita.

A bita ne lissafi ya fi karkacewa, kuma sau da yawa ba da mugun nufi ba. Mata 60 ne, kwanakin bita shida ne, sai mai rubutu ya ninka 60 da 6 ya samu kwanon abinci 360, a kan 2,500 ya zama 900,000. Alhali ba mace ɗaya da za ta yi kwana shida. Kowane ƙauye kwana biyu ne da mata 20, ga masu koyarwa biyu da jami'ar ƙungiya ɗaya, mutum 23 ke nan. Saboda haka 23 × kwana 2 × ƙauye 3 = 138, a kan 2,500 ya zama 345,000. Bambancin ya haura rabin miliyan, kuma mai karatun da ya saba zai gano shi cikin minti ɗaya. Daga nan ba zai ƙara yarda da wata lamba a takardar ba. Maganin shi ne a rubuta ninkin a fili cikin bayanin, kowace lamba da sunanta, mutum nawa, kwana nawa, sau nawa. A jadawalin ma kada a buga jimla da hannu, a bar kwamfuta ta ninka gidajen da aka sa mutum nawa, kwana nawa, sau nawa da farashi:

```
=C7*D7*E7*F7
```

Idan aka yi haka, ranar da aka canza adadin mata jimlar za ta bi da kanta. Amma rubutun bayanin ba ya bi, sai an koma an gyara shi, kuma daga nan ne ake samun takardar da labarinta ya ce mata 60, jadawalinta ya ce 50, bayaninta ya ce 75.

Masu koyarwa biyu, kwana shida, 25,000 a yini, 300,000. A nan sai a faɗi cewa mata ne, a faɗi dalili: da yawa daga cikin masu sana'ar matan aure ne da ke aiki a cikin gida, kuma bitar a cikin gida za a yi ta, inda namiji baƙo ba ya wuce zaure. Wannan dalilin ne kuma ya sa babu kuɗin ɗakin taro, babu kuɗin motar mahalarta. Yana da kyau a rubuta hakan, domin wanda ya saba ganin bita a otal zai zaci mantuwa aka yi. Shanshera buhu shida ta gwaji, ɗaya kowace rana, a kan 45,000, ta kama 270,000. A faɗi watan da za a saya, tunda farashin kaka daban ne da na tsakiyar damina, a kuma faɗi inda shinkafar za ta tafi bayan an turara, misali a raba wa rukunonin ta zama somin jari. In ba a faɗa ba, tambayar tana nan tana jira.

Akwai wani ɗan layi da a ganina ya fi kowane nuna amfanin bayanin kasafi: masu reno biyu a kowace rana, kwana shida, 3,000, jimla 36,000. A jadawali kaɗai, shi za a fara sokewa. Amma a rubuta cewa yawancin matan suna da goyo, aikin kuma na wuta ne da tafasasshen ruwa da tururi, don haka ko a samu mai riƙe yara nesa da murhu ko uwa ta raba hankalinta biyu. Ba mai karatun da zai soke shi bayan ya karanta wannan. Abin da kowa ya sani a gari har ba a faɗarsa, shi ne ainihin abin da ya kamata ya shiga takarda. Haka ma azumi: a duba kalanda, idan bitar za ta faɗa cikin Ramadan, kuɗin abincin rana ba shi da wurin zama, ko a matsar da bitar ko a gyara layin.

Albashi shi ne inda ake yawan jin kunya, a ɓoye shi ko a rage shi har aikin ya rasa mai bi. Ba laifi ba ne a nemi albashi, laifin shi ne a jefa kaso ba tare da tushe ba. Jami'ar da za ta bi matan tana karɓar 120,000 a wata, an ce rabin lokacinta na wannan aikin ne, wato 60,000 × 12 = 720,000. Daga ina rabin ya fito? Ana ziyartar kowane ƙauye sau biyu a wata, kwana shida ke nan. Kwana biyu na rubuta abin da kowane rukuni ya turara da abin da ya sayar, kwana biyu na bin masu injin casa da 'yan kasuwa, kwana ɗaya na rahoto. Kwana 11 cikin kwanakin aiki 22, rabi cif. Akanta kuma kashi 20 cikin ɗari na albashin 100,000, wato 240,000 a shekara. Albashin da aka rubuta ya zama wanda ƙungiya take biya da ma, ba wanda aka kumbura don tallafi ya zo ba, domin za a nemi takardar ɗaukar aiki da shaidar biyan watannin baya. Za a kuma nemi takardar lokacin aiki da ma'aikaci ke cikewa duk wata. Ƙungiyar da ke da tallafi biyu ta yi hattara: mutum ɗaya kashi 60 a nan, kashi 70 a can, ya zama yana aiki kashi 130, kuma masu ba da tallafi suna tambayar juna. Idan ƙungiyar tana cikin waɗanda dokar fansho ta 2014 ta hau kansu, kashi 10 na mai ɗaukar aiki layi ne na daban da za a nuna, ba a cusa shi cikin albashi a yi shiru ba.

Yanzu mu koma kan sufurin nan na 342,000. Tafiya shida a wata, wata 12, tafiya 72. Amma ba kuɗi ɗaya ba ne duk shekara. A wata tara ɗan acaɓa yana kai jami'ar ya dawo da ita a kan 4,000, tafiya 54, ya kama 216,000. Daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da ruwa ke cika fadama kuma kogin Haɗejiya kan yi ambaliya, hanyar kusa tana yankewa, sai an zagaya ko a haɗa da kwalekwale, tafiyar ta koma 7,000. Tafiya 18 ke nan, 126,000. An haɗa, 342,000. Da an ɗauki farashin rani an shimfiɗa wa shekara duka, da kuɗin ya ƙare kafin aikin ya ƙare, da an ɗauki na damina kuma, da an ce an yi ƙari.

Sai matsalar da duk wanda ya yi aiki a ƙauye ya sani: ɗan acaɓa ba ya ba da rasit, mai itace ba ta da hatimi, mai kwalekwale ma haka. Kada a bari sai ranar bincike a fara wannan bayanin. A rubuta tun yanzu cewa irin waɗannan kuɗaɗen za a biya su da takardar biya ta ƙungiya, mai ɗauke da kwanan wata, inda aka je, sunan wanda aka biya, da sa hannunsa ko dangwalen yatsa, sannan wani jami'i da ba shi ya yi tafiyar ba ya sa hannun amincewa. Idan mai tallafi ya karɓi takardar da wannan jimla a ciki, ya yarda da tsarin ke nan. Idan bai yarda ba zai faɗa tun kuɗi bai fita ba, kuma gara haka.

Wani abin da ba a so a faɗa shi ne gaisuwa. Ba a shiga gari da aiki ba a je wurin mai gari ba, kuma ba a zuwa hannu rabbana. Yawancin masu ba da tallafi ba sa biyan kyauta, duk sunan da aka sa mata. Abin da wasu ke yi shi ne su ɓoye ta cikin "wayar da kai" ko "sauran abubuwa", kuma nan ne rigima ke fitowa daga baya, don babu shaidar da za a nuna. Goron gaisuwa ya fito daga aljihun ƙungiya. Layin "sauran abubuwa" kuwa gara a share shi gaba ɗaya, duk abin da ke cikinsa ko yana da suna a rubuta shi, ko ba shi da shi a bar shi.

To tashin farashi fa? Wanda ya rubuta kasafi a farkon 2023 ya ga abin da ya faru: a ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira, kafin shekara ta zagayo kuɗin mota da na ƙarfe sun tashi daga inda aka san su. Tsakanin miƙa takarda da shigowar kuɗi kuma ana iya yin wata shida. Wasu masu tallafi suna yarda da ajiyar ko-ta-kwana, Tarayyar Turai kan yarda da abin da bai wuce kashi 5 ba, kuma ba a taɓa shi sai da izininta a rubuce. Wasu ba sa yarda sam. Inda ba a yarda ba, kada a kumbura kowane layi a ɓoye. A rubuta watan da aka ɗauki farashin, a tsara sayen tukwane da tamfol a wata na biyu tun kuɗin yana da ƙarfinsa, idan kuma kasafin da dala ko yuro ne, a rubuta canjin da aka yi amfani da shi da ranarsa da inda aka samo shi. A kuma faɗi ko farashin ya haɗa da harajin sayen kaya na kashi 7.5, tunda akwai masu tallafin da ba sa biyansa.

Idan aka tattara: kaya 1,620,000, bita 951,000, ma'aikata 960,000, sufuri 342,000, jimlar kuɗin aiki kai tsaye 3,873,000. A kan wannan ake ɗora kuɗin gudanarwa, wato rabon aikin daga hayar ofis da wuta da cajin banki da makamantansu. Kason ba ƙungiya ke yanke shi ba. Tarayyar Turai ta saba ba da har kashi 7, gwamnatin Amurka kuma ta ɗaga nata na waɗanda ba su da yarjejeniya ta musamman daga kashi 10 zuwa 15 a Oktoban 2024. Da kashi 7, namu ya zama 271,110, jimla duka 4,144,110. Kuskuren da ake yi a nan shi ne cin tudu biyu: a karɓi kason, sannan a sake sa hayar ofis a matsayin layi mai zaman kansa. Bayanin ya lissafa abin da kason zai biya, ya ce babu ɗayansu da aka sake nema a wani wuri. Albashin akanta ma sai an duba ƙa'idar mai tallafin, domin wasu suna ɗaukarsa cikin kuɗin gudanarwa.

Saura 855,890 kafin a kai miliyan biyar, kuma nan ne shaiɗan ke zuwa da shawarar kwamfuta da janareta da taron rufewa. Iyakar da aka sa rufi ce, ba a ce sai an taɓo ta ba. Idan akwai abin da aikin ke bukata da gaske, kamar na'urar auna danshin shinkafa don kada a kai ta inji da laima ko ta bushe har ta kakkarye, a sa shi da dalilinsa. Kasafin da ya tsaya cif a kan 5,000,000 yana nuna daga jimla aka fara aka dawo baya.

Gudummawar gari ma ana rubuta ta da taka-tsantsan. Matan za su kawo itace da ruwa, wani ya ba da filin shanya. Idan mai tallafi bai nemi a sa mata kuɗi ba, a ambace ta da baki kawai. Da zarar an rubuta cewa gari zai ba da gudummawar naira 400,000, ta zama alkawarin da za a nemi shaidarsa kamar kowane layi, har da yadda aka kimanta damin itace.

Bayan an amince, takardar tana shiga cikin yarjejeniya. Yawancin masu tallafi suna barin a matsar da kuɗi kaɗan tsakanin layuka, galibi da iyaka kamar kashi 10, abin da ya wuce haka sai an nemi izini a rubuce kafin a kashe. A ce mai walda ya dawo a wata na biyu ya ce tukunya ta koma 210,000. Ƙarin 25,000 ne sau shida, 150,000. Wasiƙar neman izinin za ta ɗauko tsohon sakin layin, ta haɗa da tsohuwar takardar farashi da sabuwa, ta nuna layin da za a ciro kuɗin da abin da zai ragu a can, misali ziyarar watan ƙarshe ta koma sau ɗaya, a kuma rage buhunan gwaji. Ta kuma maimaita lissafin zubi goma a mako, don kada amsar da za ta dawo ta zama a sayi biyar.